Kafin Ka Rubuta Ta a Bayan Mota

Ɗana, ina ganin yadda ku matasan ƙasar Lautai kuka ɗauki ƙirƙirar magana da zafi, kuma abin yana faranta mini rai. Ana rubuta ta a bayan manyan motocin da ke lodin shanu a Maigatari ranar Alhamis, ana buga ta a jikin fastar 'yan takara a Sule Tankarkar da Gagarawa, ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel suna buɗe muhawara da ita, mai gabatarwa a wurin biki ba ya sakin makirufo sai ya jefa guda biyu ko uku. Harshen da ake haifar sabuwar magana a cikinsa yana da rai. Abin da ke damuna shi ne da yawa daga cikin waɗannan maganganu daɗin kunne ne kawai. In ka tsayar da mai maganar ka ce, "To, me kake so in yi, ko me kake so in bari?" sai ka ga ya soma kame-kame.

Ka san yadda mai sayen sa yake yi a karar Maigatari. Ba ya yarda da cikar ciki, don ya san ana iya ba dabba kanwa ta sha ruwa ta kumbura kafin a shigo da ita. Ba ya yarda da zaƙin bakin dillali, don dillali la'adarsa yake nema. Kama leɓen san yake yi ya duba haƙoran ƙasa. Manyan haƙora biyu na nuna wajen shekara biyu, takwas kuwa na nuna san ya cika, ya kai huɗu zuwa biyar. Haka nake so ka riƙa yi wa maganar da ka ƙirƙira, tun ba ma wadda ta fi burge ka ba, domin ita ce ka fi jin nauyin bincikarta.

Bari mu ɗauki guda ɗaya mu bi ta daki-daki. A ce kaka ta yi, ka ga buhunan riɗi ana aunawa, ranka ya yi fari, sai ka rubuta: "Riɗi rahamar rani, rabon mai rabo." Kowa ya ji zai gyaɗa kai. Kalmomin suna gudu a baki, ra na bin ra, gaɓoɓin sun daidaita. To yanzu faɗe ta da maganar yau da kullum, kamar kana yi wa ƙanenka ɗan shekara goma bayani, ba tare da ka maimaita kalmominta ba. Me ya rage? Riɗi abu ne mai kyau, kuma wanda ya samu ya samu. Wannan ba labari ba ne ga kowa, daga Gumel har Damagaram.

Sai ka cire "riɗi" ka sa "rogo". Rogo rahamar rani, rabon mai rabo. Babu abin da ya canja. Sa "ruwa", sa "rake", sa "rago", duk maganar na nan yadda take. Wannan ita ce babbar alama. In kalmar da maganar ta ginu a kanta za ta iya fita wata ta shiga ba tare da wani abu ya rushe ba, to amon harafinta ne ya kawo ta wurin, ba aikinta ba. Haka nan in ka juya maganar baya ta koma gaba kuma ta ci gaba da daɗi. Wani zai ce haƙuri hasken zuciya, wani ya ce zuciya hasken haƙuri, a tafa wa duka biyun. Amma gwada juya "gani ya kori ji". Ji ya kori gani? Yaro ma zai ce maka ƙarya ne. Tsohuwar maganar ta tsaya a kan wani abu da za a iya musantawa, shi ya sa juyin ya karya ta.

Kada ka yar da riɗin tukuna. Laifin ba na riɗi ba ne, kai ne ba ka dube shi ba, sunansa kawai ka saurara. Me riɗi yake yi wanda gero ba ya yi? Duk wanda ya taɓa nomansa ya san amsar. Ƙwansonsa yana tsagewa da kansa in ya bushe, 'ya'yan su zube. Kuma ba ya nuna gaba ɗaya: na ƙasa ne ke fara nuna yayin da na sama ke da sauran ɗanyantaka. Don haka manomi yana yanke shi ne lokacin da ganye ya yi ɗorawa ya soma zuba, ƙwanson ƙasa ya canja launi amma bai buɗe ba. Sai ya ɗaure shi dami-dami, ya jingina su a tsaye kai sama su bushe, bayan nan ya shimfiɗa tamfol, ya kifa damin ya kakkaɓe. Wanda ya ce sai ya ga kowane ƙwanso ya bushe a gona, zai zo ya tarar na ƙasa sun daɗe da yin hamma, tururuwa na jigila.

Ga magana ta fito daga nan: "Mai jiran riɗi ya bushe a tsaye, tururuwa ya noma wa." Ba ta kai ta farko santsi ba, na yarda. Amma sa ta a gwajin da muka yi. Da maganar yau da kullum tana cewa akwai abin da in ka jira ya kammala sarai kafin ka ɗauka, jiran ne zai cinye shi. Cire riɗi ka sa gero, sai ta zama ƙarya, don zangarniyar gero ana barinta ta ƙosa a kan kara kuma ba ta tsagewa haka. Wato riɗin yana ɗauke da kaya a cikin jimlar. Kuma kana iya nuna wanda za a faɗa wa ita: mai sa da aka taya masa da daraja da hantsi, ya yi ta cewa albarka yana jiran ƙari, har motocin Kudu suka cika suka tashi, ya koma gida da san ga kuɗin mota ga kuɗin harawa na wani mako. Ko ɗalibin da ya ƙi miƙa kundin bincikensa yana ta gyara har lokacin karɓa ya wuce. Maganar da ba ka iya kawo mata mutum da rana da dalili, ba ta da wurin zama a bakin mutane, komai kyanta a takarda.

Saura abu ɗaya, wanda masu ƙirƙira suka fi tsallakewa. Shin magabata ba su riga ka ba? Ai sun ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. In maganarka wannan ce kawai aka sauya wa riga, bar wa maƙera kayansu. Ni a ganina ta riɗin ta ƙara wani abu. Ta maƙera tana gargaɗin mai sanyin jiki ne. Ta riɗi kuwa tana gargaɗin mutum mai lura, wanda yake tsaye a kan abinsa, yana jira da gangan don yana zaton jiran shi ne hankali. Wannan ɗan bambancin shi ne hujjar zamanta. Da babu shi, da na ce ka goge ta.

Sai dai ka yi hattara kada gwajin nan ya sa ka zama mai gaggawar yanke hukunci a kan maganar wasu. Rashin fahimtarka ba hujja ba ce cewa magana fanko ce. Yaron da ya tashi a tsakiyar birnin Kano bai taɓa ganin riɗi a gona ba zai iya jin tamu ya ce shirme ne. Maganar mahauta, ta masunta, ta fatake, kowacce sai ɗan sana'ar ya warware maka ita. Bambancin shi ne mai ma'ana tana buɗewa in aka yi bayaninta, ka ce "ashe!", maras ma'ana kuwa bayani ƙara mata hazo yake yi. Sannan kirari da take ba da wannan ma'auni ake auna su ba. Aikinsu zuga ne da kambamawa, amo shi ne rabin jarinsu, kuma mai yi da mai ji duk sun san haka. Matsalar tana tasowa ne in an ɗauko abin da kirari ne aka tsayar da shi a matsayin hikimar da za a yi aiki da ita.

Karin magana ɗari biyar da Kirk-Greene ya tattara ya buga a 1966 ba wani kwamiti ne ya tace su tun asali ba. Bakin mutane ne ya tace su a kasuwa da gona da zaure, wadda ba ta yi wa kowa aiki ba aka manta da ita. Taka maganar kuwa fenti ko injin buga takarda zai ɗora ta a idon dubban mutane kafin kowa ya gwada ta, don haka tacewar ta dawo wuyanka. Ga abin da za ka tambayi kanka, da biro a hannu, bayan ka bar maganar ta kwana:

Na iya faɗinta da wasu kalmomi a jimla ɗaya, kuma abin da ya rage ya isa a gaya wa babban mutum?

In na musanya babbar kalmarta, ko na juya ta, tana karyewa?

Abin da ta faɗa game da dabba ko shuka ko sana'a gaskiya ne a wurin masu abin?

Wa zan faɗa wa ita, a wane hali, kuma me zai yi dabam bayan ya ji?

Akwai tsohuwar da ta riga ta faɗi wannan, kuma ta fi tawa gajarta?

Wace kalma na sa don amo kawai?

Wannan ta ƙarshe tana da ciwo, domin sau da yawa kalmar da za ka cire ita ce wadda ta sa ka son maganar tun farko. Cire ta ka karanta da ƙarfi. In maganar ta tsaya, sai ka nemi wata kalmar mai daɗi wadda kuma take aiki, don ba na hana ka ado, ado ne ke sa a riƙe magana a ka. In ta faɗi, ka huta da kuɗin fenti.

Wadda ta tsallake duk wannan, kai ta wurin wanda ba ya jin kunyarka, kamar kawunka manomi ko goggonka mai sayar da zoɓo. Faɗe ta a cikin hira lokacin da hali ya kawo, kada ka ce taka ce, kada kuma ka yi bayani. Ka lura ko za su yi shiru su dube ka, ko su musa, ko su kawo labarin wani da abin ya faru da shi. Musu ma alheri ne, yana nuna akwai abin kamawa. "Haka ne, haka ne" da sauri shi ne abin tsoro.

Kuma don Allah, ɗana, in za ka rubuta ta, kada ka sa mata "Hausawa suka ce" alhali jiya ka ƙirƙire ta a ɗakinka. Ƙarya ce, ko da ƙarama. Mafi muni shi ne jingina ta ga wani malami da ya rasu, ko a yi mata shigar da mai karatu zai zaci hadisi ce. Sa sunanka, ko ka bar ta ba suna, don duk wanda ya ga kuskure a cikinta ya san cewa maganar ɗan yau ce, yana da damar gyara ta.