Kafin ku ɗora almakashi

To samari, ku kashe rediyon nan ku matso kusa da tebur. Yau ba wanda zai hau keke. Yadi za mu duba, domin telan da bai san yadi ba sai ya ɓata wa mutum kuɗinsa, ko da ɗinkinsa ya miƙe sak.

In mutum ya shigo da yadinsa, bayan kun gaisa, kada ku yi saurin zaro tef. Ku fara tambayarsa: Malam, ina za a riƙa sa wannan kayan, kuma wane aiki ake yi? Kayan da za a je masallacin Juma'a da su a dawo a ninke daban suke da waɗanda za a wuni da su a bakin titi cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40. Amsar da ya ba ku ita za ta nuna muku ko yadin da ya riƙo zai yi, ko kuwa sai kun ba shi shawara.

Abu biyu ake dubawa a jikin yadi, kuma mutane suna yawan haɗa su wuri guda. Akwai nauyi, akwai saƙa. Nauyi hannu ne yake gaya maka. Saƙa kuwa ita ce yadda zaren tsaye da zaren kwance suka sarƙe da juna, ko sun matse ƙam, ko sun bar ƙofofin da iska za ta bi. Yawancin masu zuwa Kantin Kwari sun ɗauka duk yadi marar nauyi yana da sanyi. Ba haka ba ne. Ga ƙyalle biyu nan, ku karɓa. Wannan boyel ne na auduga, wancan kuma mai sheƙin nan ne da roba ta yi wa yawa. A hannu kusan nauyinsu ɗaya. To kowa ya kara a bakinsa ya hura, ya sa tafin hannu ta baya. Kun ji iska ta ratsa boyel? Shi kuwa wancan sai ka yi da gaske. Wanda ya sa shi da bazara, zufa ba ta da hanyar fita, zaren kuma ba ya shan ta, sai ta yi ta kwarara a gadon baya, rigar ta manne wa fata. Kwana kaɗan ƙurajen zafi su feso, mai kaya ya ce tela ne ya matse masa riga.

In kuna shakkar abin da aka saƙa yadi da shi, kada ku dogara da rubutun bakinsa, ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Ku yanki ɗan mitsitsi daga gefe, ku fita waje, ku ƙyasta masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa. Roba kuwa tana nannaɗewa ta narke, ta bar baƙin dunƙule mai tauri. In ya bar toka haɗe da ɗan dunƙule, gauraye ne. Na ce a waje fa, kada in ga wuta kusa da kayan mutane.

Bari in ba ku misalin da zai zauna muku. A ce mai walda ne ya zo muku ana tsakiyar bazara, yana son riga da wando na aiki, ya riƙo yadi shara-shara mai roba saboda zafi ya ishe shi. Kuna ganin ya yi dabara ko? To wannan yadin bai kamata ya kusanci wurin aikinsa ba. Tartsatsi ɗaya in ya sauka, ba huda yadin kawai zai yi ba, narkewa zai yi ya liƙe masa a fata. Abin da ya dace da shi kaki ne na auduga zalla, mai kauri. Ku duba jikin wannan, kun ga layuka sun tafi a karkace? Irin wannan saƙar tana ba zare damar matsuwa sosai, shi ya sa take jure gogayya da ƙarfe, tartsatsi kuma yakan mutu a kai kafin ya ratsa.

Zai ce muku ai zafi zai kashe shi. A nan aikinku yake. Sanyin da yadin bai ba shi ba, sai ku nemo masa shi a yanka. Ku sakar masa ƙirji da hammata, ku bar wa wando wadatar cinya yadda zai tsuguna ba tare da ya ja ba, iska ta riƙa kewayawa tsakanin yadi da jiki. Kada ku yi masa shafi. Kada ku naɗe ƙafar wando ta waje, aljihu kuma ku yi masa marfi, domin a irin waɗannan wuraren tartsatsi yake maƙalewa.

Kafin ku yanka, ku jiƙa kakin ya bushe, ku goge. Auduga tana tsukewa a wankin farko. Wando mai tsawon inci 40 yana iya ɗagewa da inci ɗaya ko fiye, sai ka ga babban mutum da idon sawu a waje. Sannan ku canja allura. Lamba 11 ta boyel ce, 14 ta yadin kaftani na yau da kullum, kaki kuwa sai 16 ko 18, ku ƙara tsawon taku, ku bi gindin wando da bakin aljihu sau biyu. In kun ji keke yana ƙwas-ƙwas yana tsallake ɗinki, allurar ta yi wa yadin ƙanƙanta. In kuma kun ga boyel yana tattarewa ko ramuka sun fito a layin ɗinki, ta yi masa girma.

Ba cewa nake roba ba ta da ranarta ba. Da damina, auduga mai kauri takan kwana a igiya ba ta bushe ba, har ta soma warin danshi. Ɗan makarantar da kayansa kala ɗaya ne, ana wankewa da yamma a sa da safe, gauraye ya fi masa. Da hunturu kuma ku tuna sanyin na safe ne da dare, rana na ɗagawa ya sake. Maimakon riga guda mai nauyi, gara matsakaicin yadi mai matsattsiyar saƙa da zai tare iska, a sa 'yar ciki a ƙasa, a ɗora abin da za a iya tuɓewa da hantsi.

Shadda kuwa, ku girmama ta amma ku san iyakarta. Zanen da ke jikinta saƙa shi aka yi, zaren yana tsallake 'yan uwansa yana kwanciya a sama, shi ya sa ƙusa ko bakin kwano ke saurin fizgo shi. Ga sitati da bugu sun toshe mata ƙofofi, sai ta sha wanki take sakin jiki. Babbar riga ta yadi 10 ta ɗaurin aure ce da Sallah. Wanda ya ce a yi masa ita don zaman shagon kayan gini, ku gaya masa gaskiya cikin ladabi. In ya nace, kuɗinsa ne, ku ɗinka masa da kyau.

Ga buhun ƙyallaye can a bayan ƙofa. Kowa ya zaɓo guda biyar, ya hura, ya ɗaga su a hasken rana, ya ware na bazara da na hunturu da na aikin ƙarfi. Bayan sallar azahar zan bi ku ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gaya mini dalilinsa da lambar allurar da zai sa.