In An Miƙa Maka Sanda Ka Ƙi: Tawali'u Ne Ko Gudun Amana?

Mu ɗauki wani aji a makarantar sakandare a Wurno. An shiga sabon zango, 'yan aji sun haɗa baki sun ce wane ne zai zama monita. Washegari sai suka tarar da 'yar takarda cewa: "'Yan'uwana, na gode da kuka ga na dace. Sai dai ba zan iya karɓa ba. Kullum da asuba nakan taya Baba ban-ruwan albasa a fadama, sau da yawa a makare nake isowa. Wanda ke makara bai kamata ya rubuta sunayen makararru ba. Duk wanda kuka zaɓa zan mara masa baya."

Shin yaron nan ya kyauta, ko kuwa amana ya guje wa? Kada mu raina tambayar don muƙamin ƙarami ne. Monita shi ke rubuta sunayen masu surutu, shi ke raba shara, shi ke kai ƙorafin aji gaban malami. Sunan da ya rubuta na iya jawo wa wani bulala. Ashe kuwa alƙalanci ne, ko da na alli ne.

Mu a ƙasar nan mun tashi da jin cewa neman mulki abin zargi ne. Hadisi ya zo cewa Manzon Allah (SAW) ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, amma ya nuna masa cewa wanda aka bai wa ba tare da ya nema ba, za a taimake shi a kai. Imamu Abu Hanifa kuma ya ƙi karɓar alƙalanci daga Halifa Mansur, har aka tsare shi, ya rasu a shekarar 767. Wannan ya sa da yawanmu muke ɗaukar duk wanda ya ƙi muƙami a matsayin mai tsoron Allah.

Sai dai tarihinmu bai tsaya nan ba. A 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas, saboda takaicin son duniya da ya gani a cikin jama'a. Da ya isa Kano mutanenta suka roƙe shi ya koyar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki, daga bisani ya komo gida ya ci gaba da ɗaukar nauyi. Haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, ya riƙe mulki daga 1817 har rasuwarsa a 1837, kabarinsa kuma yana nan garin. Da kowane mai tsoron Allah ya janye jiki, wa za a bar wa jama'a? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malaman fiƙihu sun warware wannan ƙulli. Sun ce riƙon alƙalanci farilla ce ta kifaya: in wani ya ɗauka ta faɗi a kan saura. Amma in babu wanda ya cancanta sai mutum ɗaya, to ta zama wajibi a kansa shi kaɗai. Ke nan ba ƙin ne abin dubawa ba, dalilinsa ne, da kuma wanda zai hau in an ƙi.

Mu auna takardar da wannan ma'auni. Dalilin yaron bai ce aikin da wahala ba, bai ce yana tsoron baƙin jini ba. Ya ambaci aibin da zai hana shi adalci: ko dai ya rubuta sunan kansa kullum, ko ya rufa wa kansa asiri ya tona na wasu. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, muddin akwai wani mai gaskiya a ajin. Amma in ya san cewa da zarar ya ƙi, sandar za ta faɗa hannun ƙaton da ke ƙwace wa ƙanana kuɗin tara, to takardar ba ta wanke shi ba. Abin da ya kamata shi ne ya karɓa da sharaɗi, a ba shi mataimakin da zai riƙe rajistar safe.

Akwai kuma ƙi na uku, wanda muka fi sabawa da shi: ƙin kunya, inda baki ke cewa a'a, zuciya na jiran a yi lallashi. Gane shi ba wuya. Ba ya kawo dalilin da za a iya bincikawa, kuma mai shi yakan yi fushi in an zaɓi wani. Takardar yaron ta tsira daga wannan, domin ta faɗi dalili a fili, ta kuma yi wa magaji alkawarin biyayya tun ba a san ko wane ne ba.

Saboda haka, kafin mu yaba wa wanda ya ƙi, ko mu zarge shi, mu tambaye shi abu biyu: me ya hana ka, kuma hannun wa ka bar mu?