Hukuncin Hayar Kujeru da Rumfuna: Wa Zai Biya Abin da Ya Karye ko Ya Ɓace?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar Haɗejiya ya san cewa da zarar kaka ta yi, an kai gero rumbu, an sayar da riɗi da zoɓo, sai ɗaurin aure ya yawaita. A Kaugama da Yalleman da Marke da ƙauyukan da ke kewaye da su, a da tabarmi da inuwar bishiya sun isa a tarbi baƙi. Yanzu kuwa da wuya a yi ɗaurin aure ko walima ko suna ba a ɗauko hayar kujerun roba da rumfunan tamfol ba, waɗanda ake kira kanofi. Sana'a ce halal, kuma ta ɗauke wa mutane wahala. Sai dai sau da yawa, bayan baƙi sun watse, rigima kan tashi wajen ƙirga kaya. Mai kujeru ya ce an karya masa uku, huɗu kuma sun ɓace, a biya shi sababbi. Uban ango ya ce ya riga ya biya kuɗin haya, ba zai ƙara ko kwabo ba. Kowanne yana ganin shi ne mai gaskiya, alhali kuwa shari'a ta daɗe da raba wannan gardama.

Malaman fiƙihu suna kiran wannan ciniki ijara ko kira'i, wato sayen amfanin abu na wani lokaci, abin kuwa yana nan mallakar mai shi. Ba sabon al'amari ba ne. A cikin Mudawwana, littafin da Imamu Sahnunu, wanda ya rasu a shekara ta 240 bayan Hijira, ya tattara fatawoyin mazhabar Imamu Malik, an yi maganar mutumin da ya ɗauki hayar tanti da shimfiɗa da ƙorai don tafiya Makka. Tantin wancan zamani shi ne rumfar yau, hukuncinsu ɗaya ne. Sharaɗin ingancin haya shi ne a san abin da aka ɗauka, a san kuɗinsa, a kuma san wa'adinsa. Saboda haka maganar nan ta "kawo kujerun tukuna, ma daidaita daga baya" ita ce ƙofar farko ta husuma. Aya ta farko a Suratul Ma'ida ta umurci muminai da cika alkawura, kuma ba a iya cika alkawarin da ba a san iyakarsa ba.

Tushen hukuncin shi ne wannan: kayan haya amana ne a hannun wanda ya ɗauka. Shehu Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Hausa, cewa wanda ya yi hayar kayan aiki ba ya biya in sun salwanta a hannunsa, kuma ana gaskata shi, sai fa in ƙaryarsa ta bayyana. Dalili shi ne mai kaya ya karɓi kuɗi a madadin amfanin kayansa, tsufa da lalacewar da amfani ke jawowa kuwa suna cikin abin da ya sayar. Abu biyu ne kawai ke fitar da mai haya daga wannan kariya. Na farko sakaci, wato ƙin tsare kaya yadda mai hankali ke tsare nasa. Na biyu ƙetare iyaka, wato yin amfani da kaya ta hanyar da ba a yi jinga a kanta ba, ko riƙe su bayan wa'adi ya cika.

Don a fahimta sosai, a ƙaddara wani magidanci a Kaugama zai aurar da ɗansa ran Asabar. Ya yi jinga da mai haya a kan kujeru 100, kowace Naira 100, da rumfa 2, kowace Naira 5,000, jimla Naira 20,000, daga safiyar Asabar zuwa safiyar Lahadi. Da aka zo ƙirga ran Lahadi sai aka sami kujeru 93 lafiyayyu, 3 karyayyu, 4 babu su, rumfa ɗaya kuma ta yage. Ba a yi wa waɗannan hukunci ɗaya, sai an bi kowanne an ga yadda aka yi.

Biyu daga cikin karyayyun, baƙi ne suka zauna a kansu zama irin na al'ada, ƙafa ta ɓalle. Wannan babu biya a ciki. Akwai ma alamar da ake gane haka: robar da rana ta daɗe tana duka takan koɗe, ta yi fari-fari, ta bushe, in ta karye sai ta tsage kamar sakaina. Irin wannan kujera ta riga ta ci zamaninta, asararta tana kan mai ita. Abin da ake nema ga uban ango shi ne ya kawo karyayyun a gani, domin wanda ya ce abu ya karye yana da ikon nuna gutsattsarinsa, in ya kasa kuwa maganarsa ta yi rauni. Ta ukun kuwa wani saurayi ne ya hau kanta da ƙafafu don ya ɗauki hoto. Kujera ta zama ce, ba ta hawa ba. Wanda ya lalata dukiyar wani shi ke biya, ko da gangan ko da kuskure, don haka biyan yana kan saurayin. In kuwa uban ango ne ya sa shi ya hau, to, shi ma ya ƙetare iyaka, mai kujeru yana da damar ya bi shi.

Sai huɗun da suka ɓace. A nan tambaya ɗaya ce: ina suka kwana? In bayan an tashi daga walima an tattara su, an ƙirga, an shigar da su zaure an kulle, sannan ɓarawo ya fasa ya ɗiba, uban ango ya sauke amanarsa, ba ya biya. In mai kujeru ya tuhume shi, sai ya rantse cewa bai ɓoye ba, bai kuma yi sakaci ba. Amma in an bar su warwatse a bakin hanya har gari ya waye, yara na ja, maƙwabta na ɗauka, wannan sakaci ne bayyananne, biya ya wajaba. Haka nan in ya riƙe kayan har Litinin ba da izini ba, don mata su yi buɗar kai, zai biya hayar ranar da ya ƙara, kuma abin da ya salwanta a ranar yana wuyansa.

Rumfar da ta yage ita ma a duba. Ƙasar nan tana da iska mai ƙarfi a farkon damina, wadda ke ɗauke rufin ɗaki balle tamfol. In yaran mai haya ne suka kafa rumfar, suka bar ta ba turke ba igiya, laifin nasu ne. In an kafa ta da kyau iska ta fi ƙarfinta, wannan ƙaddara ce, ba wanda zai biya wani. In kuwa masu biki ne suka ciccibe ta suka mai da ita wani wuri ba su ɗaure ba, ko suka hura wutar girki a ƙarƙashinta, biya ya hau kansu. Akwai kuma hakkin uban ango a nan: in rumfar ta faɗi tun da safe ba da laifinsa ba, mai haya bai kawo wata ba, ba a cajinsa Naira 5,000 cikakkiya, sai gwargwadon amfanin da ya samu.

Inda biya ya tabbata, nawa za a biya? Nan ma akan yi zalunci. Abin da shari'a ta sani shi ne ƙimar kujerar a ranar da ta salwanta, ba kuɗin sabuwa ba. Kujerar da ta shekara uku tana yawon bukukuwa ba ta kai darajar wadda aka sauke yau daga kasuwar Haɗejiya ko Kano. Sai a nemi mutum biyu masu gaskiya da suka san kayan su ƙimanta. Mai hayar da ya karɓi sabuwa a madadin tsohuwa ba da yardar mai biya ba, ya ci ƙarin da ba nasa ba, Suratun Nisa'i kuwa, a aya ta 29, ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna.

Wasu masu haya sukan gindaya sharaɗi tun farko cewa duk abin da ya sami kaya, ko ta halin ƙaƙa, mai biki ne zai biya. Mafi yawan malamai ba su yarda da wannan sharaɗi ba, domin yana juya amana ta koma lamuni, ya sa mutum ya biya haya kuma ya ɗauki asarar dukiyar da ba tasa ba. Mafita ga mai haya tana da sauƙi. Ya sa tsufan kayansa cikin lissafin kuɗin haya, ya faɗi sharuɗɗan tsaro a fili, kamar kada kaya su kwana a waje, ko kuma ya aiko yaronsa ya tsare su ya kwashe da an tashi.

Akwai wani bambanci da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wato tsakanin haya da aro. Wanda ya ari kujeru ko tabarmi ko tukwane daga maƙwabcinsa kyauta, a mazhabar Malikiyya shi yake biya in sun ɓace, matuƙar abin irin wanda ake iya ɓoyewa ne, sai fa in ya kawo shaidu cewa sun salwanta ba da laifinsa ba. Dalili shi ne amfanin aro nasa ne shi kaɗai, mai kaya bai sami komai ba. Ke nan al'adar da wasu ke bi ta juya hukuncin: ana matsa wa mai haya ya biya abin da bai wajaba a kansa ba, ana kuma jin kunyar tambayar mai aro abin da ya wajaba a kansa. In mai kaya ya yafe don zumunci, ladansa yana wurin Allah, amma mai aro ya san cewa yafe masa aka yi.

Maganin yawancin wannan rigima bai wuce minti goma ba. A ƙirga kaya a gaban juna lokacin saukewa, a ware masu tsaga a nuna wa mai su, a rubuta adadi da kuɗi da lokacin mayarwa a takarda, kowa ya riƙe tasa. A kuma ɗora wa mutum ɗaya a gidan biki alhakin tattarawa kafin magariba. In duk da haka saɓani ya auku, a kai ga liman ko mai unguwa su sulhunta bisa wannan hukunci tun ba a kai gaban alƙali ba.

Ya tabbata a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa ha'intar amana tana cikin alamomin munafuki. Kujerar roba ƙaramar aba ce, amma wanda ya tsinci ta haya a tsakar gidansa bayan biki ya yi shiru, ya sani dukiyar wani ce yake zaune a kai, kuma za a tambaye shi.

Allah Ya sa albarka a aurarraki da zuriyar Musulmi, Ya tsare su daga cin hakkin juna. Allah Shi ne Mafi sani.