Rowar Yabo

Akwai rowar da ba a cika tsangwama ba, domin mai yinta ba kuɗi yake hanawa ba. Ita ce rowar yabo: mutum ya ga alheri da idonsa ya kama bakinsa, in kuwa ya ga kuskure ya buga ganga. A makarantun Abuja na fi ganinta, a hannun malamin da alƙalaminsa bai san hanyar gidan yaro ba sai ranar da yaron ya yi laifi.

Wani yaron maƙwabtanmu a Kubwa, ɗan aji biyar a wata makarantar kuɗi, shi ya sa ni wannan rubutu. Irin makarantun nan suna da ɗan littafin saƙo da ke yawo tsakanin malama da iyaye, a rubuta a sa hannu a mayar. Nasa littafin ya cika da ƙorafi: ya yi surutu, ya tsokani na kusa da shi, bai yi aikin gida ba, a zo a ga hedimasta. Mahaifinsa ma'aikaci ne a Sakatariyar Tarayya, yana fita tun duku-duku don ya tsere wa cunkoson babban titin Kubwa, ya dawo bayan magariba a gajiye. Abin da ke jiransa a gida shi ne littafin. Har ta kai ba ya karantawa, da an miƙo masa sai ya nemi bulala. Yaron kuma ya koyi dabara: yau littafi ya ɓata, gobe shafi ya yage.

Sai aka canza musu malama a zango na biyu. Wata ranar Laraba ta rubuta layi uku da Turanci, ma'anarsu ita ce: yau a lokacin tara wata yarinya 'yar aji ɗaya ta faɗi, abincinta ya zube, ɗanku ya ɗaga ta, ya raba nasa biyu ya ba ta, ya raka ta aji, ba tare da wani ya sa shi ba, na ga ya kamata ku sani. Ta sa kwanan wata ta sa hannu. Kafin ta ba shi littafin ta karanta masa abin da ta rubuta, domin ta san halin da saƙonni ke shiga a hanya.

Uwar ce ta ba ni labari. Ta ce da maigidan ya shigo ya ga littafi a buɗe a kan tebur, sai ya ce, "Me ya sake yi kuma?" Ta ce, "Baban Abba, zauna dai ka karanta." Ya karanta, ya juya shafin yana neman inda aka rubuta "amma". Babu.

Ban ce yaron ya zama waliyyi ba. Bayan mako biyu an sake rubuto ƙarar surutu. Sai dai a wannan karon littafin ya iso gida da shafukansa cif, uban ya karanta kafin ya yi magana, ya kuma kira malamar da kansa. Ƙorafin wanda ya taɓa faɗin alherinka yana da nauyi, don an san ba ƙiyayya ce ke magana ba.

Malaman da suka gabace ta fa, a shekara biyar ba su taɓa ganin yaron nan ya yi abin kirki ba? Sun gani. In ka tambayi irinsu, karin maganar da suke fakewa da ita guda ce: ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. Wato kada ka yi saurin yabo, halinsa zai dawo. To, a duba maganar da kyau. An yi ta ne don mai yanke hukunci a kan ƙarshen mutum, ta ce masa ya dakata. Wasiƙar malama ba hukunci ba ce a kan ƙarshen kowa, shaida ce a kan abin da ya faru ranar Laraba da ƙarfe goma. Kuma abin mamaki, masu jiran shekara arba'in kafin su yaba ba sa jiran minti arba'in kafin su kai ƙara. In haƙuri ne, a yi shi ta fuska biyu. In kuwa ana rubuta sharri nan take a jingine alheri sai an ga hali, to sunan abin rashin adalci, ko da an lulluɓe shi da hikimar magabata.

Wasu kuma cewa suke yabo na sa yaro girman kai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ya danganta da irin yabon. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun wallafa binciken da suka yi a Amurka da yara 'yan aji biyar. Waɗanda aka yaba wa da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun riƙa zaɓen aiki mai sauƙi, suna karaya da zarar sun faɗi. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarin da suka yi sun fi jure aiki mai wuya. Saboda haka "ɗanku yaron kirki ne" ba ta da amfani sosai; uban da ya sha ƙorafi ba zai yarda ba, yaron ma ya san ba haka ake kallonsa ba. Abin da ke aiki shi ne a ambaci aikin, da ranar, da wurin, yadda ba mai iya musu. A aika a ranar, kada a tara sai ƙarshen zango. Kada a ƙirƙiro, yara sun fi kowa gane yabon ƙarya. Kada kuma a liƙa masa jela, irin "ya kyauta yau, da ma kullum haka yake", domin jelar kaɗai za a ji. Inda iyaye ba sa karanta Turanci, kamar yadda yake a gidaje da dama a Dei-Dei ko Zuba, saƙon murya na minti ɗaya da Hausa ya wadatar. A dai fara da cewa lafiya lau ne, don uwar da ta saba da lambar makaranta gabanta ke faɗuwa.

Na san malamai na da nasu kukan. Malaman firamare na gwamnati a ƙananan hukumomi shida na Abuja sun yi yajin aiki daga Maris zuwa Yulin 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ga azuzuwa maƙil da yara. Wanda ba a yaba masa ba, da wuya ya tuna ya yaba wa wani. Amma malamin da ya sami lokacin rubuta ƙara goma bai rasa lokacin rubuta layi uku ba. Takarda ɗaya ce, biro ɗaya ne.

Malama, akwai yaron da sunansa ya faɗo miki a rai tun sakin layi na biyu, wanda kika haddace lambar ubansa saboda yawan kira. Ki sa masa ido a makon nan. In kin kama shi yana abin kirki, ki rubuta a ranar, ki karanta masa, ki aika gida.