Ɗana, faɗi abin da ka karanta da wurin wanda ka karanta

Ɗana, idan kana cikin samarin Illela da suka yi karatun zaure da na Islamiyya, yanzu kuma zuciyarka ta karkata ga digirin Larabci ko na ilimin addinin Musulunci, wata rana za a ce ka rubuta takarda ka bayyana abin da kake nufi da karatun da kuma tushen da ka riga ka kafa. Mai shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta hanyar JAMB ba a tambayarsa wannan takarda, amma mai neman tallafin karatu a ƙasar waje, da mai neman digiri na biyu, da wuya ya tsallake ta ko wata mai kama da ita. Na san niyyarka kyakkyawa ce, kuma na san kunya da tawali'u da aka rene ka a kansu za su sa ka ji nauyin ba da labarin kanka. Shi ya sa nake so mu yi maganar a tsanake tun kafin ka ɗauki alƙalami.

Yawancin takardun da yaranmu ke rubutawa suna farawa da doguwar muƙaddima, hamdala da salati da jimloli masu ƙafiya, sai falalar ilimi, sai yabon jami'ar, har rabin shafi ya wuce mai karatu bai san ko wane ne ke magana ba. Hamdala da salati a layi biyu sun wadatar. Malamin da zai duba takardarka ya fi ka sanin falalar ilimi, kuma a gabansa akwai tarin takardu da duk suka ce suna son addini tun suna ƙanana. Abin da bai sani ba, wanda kai kaɗai za ka iya gaya masa, shi ne waɗanne littattafai ka karanta, a gaban wa, har zuwa ina, da kuma wace tambaya ce karatun ya bar maka.

Kada ka ɗauka wannan al'adar Turawa ce ko kuwa yabon kai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuhi, inda ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowane. Ya faɗi cewa ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, sannan ya koma hannun yayansa Shehu Usmanu, inda ya karanta Ishiriniya da Shu'ara da Ajurruma da Mulha da sauransu, ya kuma ambaci Malam Jibrilu ɗan Umaru cikin malamansa. Mutumin da ya rubuta tafsirin Liya'ut Tawili bai ji kunyar faɗin cewa ya fara daga Ajurruma ba. Saboda wannan lissafin ne har yau ake iya sanin irin karatun da ake yi a ƙasar nan kafin jihadi. Kai ma abin da ake nema a wurinka ke nan, a shafi ɗaya ko biyu.

Bari mu ɗauki misali, ba na wani mutum takamaimai ba, amma irin yaron da ka sani. Ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo da ruwayar Warshu, ya haddace izu ashirin da ruwayar Hafsu a Islamiyya, ya yi jarrabawar hukumar NBAIS, da yamma kuma yana zama a zauren wani malami. In ya rubuta cewa ya yi nisa a fiƙihu da nahawu, bai faɗi komai ba, don nisa ba shi da ma'auni. In kuwa ya rubuta cewa ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya karanta Risalar Ibn Abi Zaid daga farko har ƙarshen babin ciniki a cikin shekara biyu, ya haddace Ajurruma, ya karanta Alfiyyar Ibn Malik da sharhin Ibn Aƙil har babin Ilafa, to duk malamin da ya san waɗannan littattafai zai gane matsayinsa nan take, ya san abin da zai iya ɗauka da abin da bai kai ba. Ya ambaci ruwayoyin biyu kowace da sunanta, domin wanda zai saurari karatunsa zai so ya san da wacce zai gwada shi. Ya ambaci malaminsa da garin da yake karantarwa, bayan ya nemi izininsa, musamman idan shi ne zai rubuta masa takardar tazkiyya, don kada maganar ɗalibi ta saɓa da ta malami.

A nan ne nake so ka yi hattara ƙwarai, domin a nan ne mutumin kirki ke zamewa ba tare da ya yi nufin ƙarya ba. Haddace littafi daban, karanta shi a gaban malami yana fassara maka kana maimaitawa daban, zama a gefen majalisi kana sauraron karatun wani kuma daban. Yaro ya halarci karatun Muhtasar na Halil ko na Muwaɗɗa a bayan manya na wasu watanni, sai ya rubuta cewa ya karanta su. A ransa yana ganin ai ya ji. To ranar muƙabala malami zai iya buɗe babin da ka ce ka wuce, ya ce karanta baiti ɗaya ka yi masa li'irabi, ko ya ce fara mini daga wuri kaza a izun da ka ce ka haddace. Minti biyu sun isa a gane. Kuma da zarar an kama ka a littafi ɗaya, sauran littattafan da ka karanta da gaske su ma sun shiga zargi, har malamin da ya yi maka shaida kunya ta shafe shi alhali bai ji ba bai gani ba. Rubuta wa kowane littafi kalmar da ta dace da shi: na haddace, na sauke, na kai babi kaza, na saurara. Wanda ya ce ya tsaya a tsakiyar Alfiyya an fi yarda da shi a kan wanda ya jera littattafai goma sha biyar duk ya ce ya gama.

Haka ma rauninka, faɗe shi a jimla ɗaya ba tare da kuka ba. Ɗalibin zaure yakan iya warware baitin da zai ba ɗan Islamiyya wuya, ya fassara shi da Hausa tsaf, amma a ce ya rubuta insha'i na shafi guda ko ya yi hira da Larabci sai harshe ya yi nauyi, saboda karatun zaure fassara ce, ba a cika rubutu da magana ba. Idan haka kake, ka ce haka kake, ka faɗi abin da kake yi a kai. Jami'o'in ƙasashen Larabawa irin ta Madina suna da sashen koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, kuma an san da irinka. Abin da nake hana ka shi ne kai wa wani gwani ya rubuta maka takardar da Larabcin da kai ba ka iya ba. Rubuta da hannunka, ka kai wa malami ya gyara maka lahani, ya bar maka maganarka. Takardar da ke cike da balaga, mai ita kuma ya kasa gabatar da kansa a baki, ita ce ta farko da za a ajiye gefe.

Sai manufa. Kusan kowa yana rubuta cewa yana so ya dawo ya yi wa al'umma hidima, kuma gaskiya ne, amma wannan niyya ce, jami'a kuwa tana tambayar abin da za ka karanta. Manufa ta ilimi tambaya ce da ta tsiro daga karatun da ka lissafa a sama, kuma kai ɗan Illela ba sai ka je nesa neman ta ba. Yaron misalinmu ya karanta a Risala cewa canjin zinariya da azurfa sai hannu da hannu, ba jinkiri. Ranar Lahadi ya shiga kasuwar Illela ya ga 'yan canji suna musayar naira da sefa, ya ga Bakonne ya miƙa sefa a nan, ana ce masa nairar za ta shigo ta waya, wani lokaci ta shigo nan take, wani lokaci sabis ya hana sai bayan awa ko washegari. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Amman a 1986 cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a sha'anin riba da zakka. To yaushe ake cewa an karɓi kuɗin da aka tura ta waya, lokacin da aka danna ko lokacin da suka sauka, kuma me ƙa'idojin mazhabar Malikiyya, wadda ta tsananta a kan jinkirin canji, za su ce? Ba a neman ya ba da fatawa, kuma in ya bayar ya wuce gona da iri. Ya ce wannan tambaya ce ta nuna masa Risala ba za ta ishe shi ba, yana buƙatar usulul fiƙihi da ƙawa'id da fiƙihun mu'amala na zamani, kuma yana so ya san abin da sauran mazhabobi suka ce. Da wannan sakin layi ɗaya mai dubawa ya ga tushe, ya ga giɓi, ya ga dalilin neman jami'a.

Idan zuciyarka ga lugga take, hanyar ɗaya ce. Wanda ya karanta Lamiyyatul Af'al yana iya cewa yana so ya nazarci Hisnur Rasin na Malam Abdullahi a ilimin sarfu, ko ya koyi tahƙiƙin rubuce-rubucen hannu irin waɗanda ke ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai dai kada ka ambaci littafin da ba ka taɓa buɗewa ba don sunansa ya yi maka daɗi, domin shi ma za a tambaye ka.

Daga nan ka duba ko manufar ta dace da ƙofar da kake bugawa. A Madina kulliyar Shari'a daban take da ta Hadisi, da ta Alƙur'ani, da ta Da'awa, da ta Lugga. Mai tambayar canji Shari'a zai nema, kuma in ya cike Hadisi a fom ya rubuta fiƙihu a takarda, za a ga bai san inda ya dosa ba. Jami'ar Musulunci ta Say da ke Nijar, wadda aka buɗe a 1986, ta fi Madina kusa da ku, amma tsarinta da sharuɗɗanta nata ne, don haka kada ka ɗauki takarda ɗaya ka riƙa canza sunan makaranta kawai kana aikawa. Karanta abin da kowace ta nema, da wane harshe, da iyakar tsawon da ta gindaya, ka tsaya a kai.

In ka gama, ajiye takardar ta kwana biyu, sannan ka ɗauke ta ka kai zauren malaminka, ka karanta masa da bakinka daga farko har ƙarshe. Duk inda ka ji muryarka ta yi ƙasa saboda kana kunyar ya ji abin da ka ce ka karanta, sa alama a wurin, ka koma ka gyara shi zuwa iyakar da ka kai. Sannan ka daidaita sunanka da ranar haihuwarka da yadda suke a fasfo da takardar shaidar jarrabawa, harafi da harafi, a rubutun boko da na Larabci, kafin ka aika.