Abin lura: an ba ka ɗaki, ba a buɗe maka zaure ba

Shugabar sashen saye-saye a wani kamfani za ta yi tafiyar mako uku. A cikin akwatin imel ɗinta, ƙarƙashin Inbox, tana da folda mai suna Kwangila, a cikinta kuma akwai wata mai suna Rasit, inda take tara rasit da takardun neman biya da 'yan kwangila ke aiko mata. Akanta zai buƙace su don rufe lissafin wata. Kafin ta tashi sai ta danna foldar Rasit da maɓallin dama na linzami, ta zaɓi Properties, ta shiga Permissions, ta ƙara sunan akanta, ta ba shi matakin Reviewer, wato ya karanta amma kada ya goge kada ya gyara. Ta kashe kwamfuta hankalinta kwance.

Washegari akanta ya buɗe Outlook ɗinsa bai ga komai ba. Ya kira ta: "Ranki ya daɗe, foldar ba ta fito ba." Ta ce: "Malam, ai na ba ka tun jiya, da hannuna na sa sunanka." Kowannensu gaskiya ya faɗa, kuma manhajar ba ta lalace ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, a tsarin Exchange, ko na cikin kamfani ne ko na Microsoft 365, izinin da mai akwati ya bayar a kan folda ba ya sa foldar ta bayyana da kanta a wurin wanda aka bai wa. Shi ne zai je ya ɗauko ta. A Outlook na kwamfuta, wanda yanzu ake ce wa na da, hanya biyu ce. Ta farko ita ce File, sai Open & Export, sai Other User's Folder. Ita mutane suka fi sani domin gajeriya ce, amma ba za ta yi wa akanta amfani ba. Foldojin asali kawai take buɗewa, irin su Inbox da Calendar da Contacts da Tasks, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta nuna foldojin da ke ƙarƙashinsu. Rasit folda ce da shugaba ta ƙirƙira da kanta, saboda haka ba ta cikin jerin da za a nuna masa.

Hanya ta biyu ta fi tsawo: File, Account Settings, Account Settings kuma, ya zaɓi adireshinsa ya danna Change, sai More Settings, sai Advanced, sai Add a ƙarƙashin Open these additional mailboxes, ya rubuta sunan shugaba. Da ya yi haka sai sunanta ya fito a jerin da ke gefen hagu, ƙasa da nasa akwatin. Ya danna ɗan kibiyar da ke gefen sunan don ya buɗe, sai Outlook ya ce masa Cannot expand the folder.

A nan ne mafi yawan mutane ke karaya, kuma nan ne abin lurar yake. Mu ɗauki gidan Bahaushe. Maigida ya ba ka makullin wani ɗaki da ke can ƙuryar gida ya yi tafiya, amma bai gaya wa kowa a bar ka ka wuce zaure da tsakar gida ba. Makullin na gaskiya ne, sai dai ba za ka isa ƙofar da zai buɗe ba. Outlook yana gangarowa ne daga saman akwatin, mataki-mataki. Kafin ya kai ga Rasit sai ya ga saman akwatin shugaba, ya ga Inbox, ya ga Kwangila. Izinin da aka sa a kan Rasit ba ya hawa sama ya buɗe waɗannan ukun. Shugaba ba ta san da haka ba, domin ita ba a taɓa tsayar da ita a hanya ba, akwatinta ne. Mai bayarwa abin da ya bayar yake kallo, hanyar da ɗaya zai bi ya iso ba ta zuwa masa a rai.

Gyaran bai buƙatar a buɗe wa akanta wasiƙun da ba ruwansa da su. Akwai wani ɗan akwatin dannawa a shafin Permissions mai suna Folder visible, aikinsa ke nan. Shugaba za ta danna sunan akwatinta da ke can sama da maɓallin dama, ta zaɓi Folder Permissions, ta ƙara akanta, ta bar Permission Level a kan None, ta sa alama a Folder visible kawai. Ta maimaita haka a Inbox, ta maimaita a Kwangila. Wuri huɗu ke nan gaba ɗaya: uku na wucewa, ɗaya na karatu. Bayan haka, idan akanta ya rufe Outlook ya sake buɗewa, zai ga sunanta, ƙarƙashinsa Inbox, ƙarƙashinsa Kwangila, ƙarƙashinsa Rasit. Idan ya danna Inbox ba zai ga wasiƙa ko ɗaya ba, suna kawai yake gani. Sauran foldojinta kuwa, irin su Sent Items da Drafts, ko sunansu ba zai fito masa ba. Wani lokaci canjin kan ɗan jima kafin ya kama, to kada a yi gaggawar sake taɓa komai a mintunan farko.

Tun da tana kan hanya, mai kula da sabar kamfanin zai iya yi mata, da yardarta, ta PowerShell:

```
Add-MailboxFolderPermission -Identity "shugaba@example.com:\" -User akanta@example.com -AccessRights FolderVisible
Add-MailboxFolderPermission -Identity "shugaba@example.com:\Inbox" -User akanta@example.com -AccessRights FolderVisible
Add-MailboxFolderPermission -Identity "shugaba@example.com:\Inbox\Kwangila" -User akanta@example.com -AccessRights FolderVisible
```

Layin farko, wanda ya ƙare da `:\` babu sunan folda, shi ne saman akwatin, kuma shi aka fi mantawa da shi. Inda abin ya tsaya ma yakan nuna inda aka yi tsallake. In akwatin ya ƙi buɗuwa sam, saman ne ba a buɗe ba. In ya buɗe amma babu komai a ƙarƙashinsa, ko Inbox ta fito babu Kwangila, to a duba foldar farko da ba ta fito ba. In Rasit ta fito amma ta ƙi nuna abin da ke cikinta, izinin karatu ne babu a kanta.

Haka kuma izinin ba ya gangarawa ga foldojin da suka riga suka kasance. Da a ce tun bara shugaba ta raba Rasit zuwa 2023 da 2024, to Reviewer ɗin da ta sa a kan Rasit bai shafe su ba, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Foldar da za ta ƙirƙira daga baya a ƙarƙashin Rasit ita ce za ta gaji izinin uwarta a lokacin da aka yi ta. Wannan gadon yana da kaifi biyu. Wanda ya manta ya ƙirƙiri foldar sirri a ƙarƙashin foldar da ya raba, ya raba ta ita ma ba tare da ya sani ba.

Duk wannan aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa ake guje masa ta hanyoyin da suka fi sauƙi kuma suka fi muni. Mafi muni ita ce shugaba ta turo kalmar sirrinta ta waya ta ce a shiga a ɗauka. Daga nan duk abin da aka aika ko aka goge da sunanta aka yi, babu mai iya bambancewa. Ta biyu ba ta cika jan ido ba. A saman jerin sunayen da ke shafin Permissions akwai layi mai suna Default, kuma shi ne yake a zaɓe idan an buɗe shafin. Mai sauri yakan canza matakin izini bai lura cewa ba sunan abokin aikinsa ne a zaɓe ba. Default na nufin duk wanda ke da akwati a kamfanin. Reviewer a wannan layin ya bai wa kowa, daga manaja har sabon ma'aikacin da aka ɗauka jiya, damar karanta foldar.

Ta uku ita ce wadda mai kula da saba yakan yi idan kira ya ishe shi: ya ba akanta Full Access a kan akwatin shugaba. Nan take matsala ta ƙare, babu zancen Folder visible, babu More Settings. Tun daga Exchange 2010 SP1, idan aka bai wa mutum Full Access da sunansa, Outlook yakan jawo akwatin da kansa ya ajiye masa a gefen hagu. Sai dai akanta da ya nemi rasit ya samu wasiƙun likitan shugaba, da na ƙarin girman abokan aikinsa, da ikon goge kowace. Ni a ganina wannan ita ce alamar da ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe: in akwatin wani mutum ya bayyana a Outlook ɗinka ba kai ka ƙara shi ba, kusan tabbas dukan akwatin aka buɗe maka. In folda ɗaya ka nema, ka sanar da mai shi.

Full Access ba abin ƙi ba ne a wurinsa. Wurinsa shi ne akwatin haɗaka, irin wanda ake buɗe wa sashe guda da adireshi kamar na biyan kuɗi ko na karɓar ƙorafi, wanda ba na kowa ba ne, kuma a Microsoft 365 ba ya buƙatar lasisin kansa matuƙar bai wuce gigabayit 50 ba. In rasit na shigowa kowane wata kuma mutum uku ke buƙatarsu, tun farko can ya kamata su riƙa sauka, ba akwatin shugaba ba. Ko a can ɗin ma, Full Access buɗewa da karantawa da gyarawa da gogewa ne kawai. Aikawa da sunan akwatin izini ne dabam, ko Send As ko Send on Behalf, kuma wanda ba shi da ɗayansu saƙonsa dawowa zai yi in ya sa adireshin a layin From.

Sai ranar da shugaba ta dawo. Akanta ya koma Advanced ya danna Remove, sunanta ya ɓace daga allonsa, ya ce mata ya cire. Abin da ya cire kallo ne kawai a kwamfutarsa. Izinin yana zaune a akwatinta, a wurare huɗun nan, kuma duk ranar da ya sake danna Add zai koma ciki, ko an mayar da shi wani sashe. Ita ce za ta bi saman akwatin da Inbox da Kwangila da Rasit ta cire sunansa, tare da duk foldar da ta ƙirƙira a ƙarƙashinsu tun ranar da ta ba shi. In tana son tabbatarwa, mai kula da saba zai nuna mata waɗanda ke jerin kowace folda da irin wannan umarni:

```
Get-MailboxFolderPermission -Identity "shugaba@example.com:\Inbox\Kwangila\Rasit"
```

Ta duba sunayen da suka fito, sannan ta duba layin Default ta ga ko yana kan None.