In Ƙararrawar Asuba Ta Yi Shiru, Zunubi Ne?

'Yan'uwa cikin Almasihu, a gidajenmu da yawa akwai agogo ko waya da aka sa ta riƙa kaɗawa da ƙarfe biyar na asuba domin sujadar iyali da karatun Littafi Mai Tsarki. Sai ciwo ya zo, ko tafiya, ko hutun Kirsimeti, a kashe ƙararrawar. Bayan an dawo kuma, mutum ya ji nauyin sake kunna ta, kamar wanda ya ci bashi yana gudun mai kuɗi. Shin, wanda ya dakata ya yi wa Allah laifi ne?

Shari'ar Musa kanta ta taɓa wannan magana. A Littafin Ƙidaya sura 9, waɗansu mutane sun ƙazantu saboda gawa, ba su sami kiyaye Idin Ƙetarewa a ran goma sha huɗu ga wata na fari ba. Suka kawo kukansu wurin Musa, shi kuwa ya kai gaban Ubangiji. Ubangiji bai tsauta musu ba. Ya ba da umarni cewa wanda ya ƙazantu, da wanda yake kan doguwar tafiya, su yi idin a ran goma sha huɗu ga wata na biyu. Amma aya 13 ta ɗora alhaki a kan wanda yake da tsarki, ba ya kuwa cikin tafiya, ya ƙi yi. Ashe Allah yakan bambanta wanda hali ya hana da wanda ya yi sakaci. In an yi wannan rangwame a kan idin da Allah da kansa ya kafa, balle a kan sa'ar da mu muka zaɓa wa kanmu?

Wani zai ce, "Ai na yi alkawari, Mai Hadishi sura 5 kuwa ya gargaɗe mu a kan jinkirin cika wa'adi." Gaskiya ne. Sai dai abin da muka ɗauka shi ne neman fuskar Allah. Ƙararrawa bawa ce da muka sa ta tuna mana. Mai zazzaɓi da ya ce "Ya Ubangiji, ka taimake ni" daga kan gado bai karya kome ba.

To, ƙaƙa za a gane hutu daga ƙyuya? Hutu na gaskiya yana da dalili da za a iya faɗa ba kunya, yana kuma da ranar ƙarewa, yadda aka ba matafiyin nan rana tsayayya. Saboda haka ranar da ka kashe ƙararrawa, ka sa ranar komawa, ka faɗa wa matarka ko mijinki. Kada a bar ta tana kaɗawa ana danne ta ana komawa barci, gama kunne zai saba, zuciya kuwa ta riƙa tara laifi kowace safiya. Gwamma a kashe ta da niyya. Amma tunin shan magani, kamar na hawan jini ko na tarin fuka, ba ya cikin wannan zance. Ba a dakatar da shi sai da izinin likita.

Bari mu ɗauki misali. Littafi Mai Tsarki yana da surori 1,189. Mai karanta uku kowace rana da biyar ran Lahadi, wato 23 a mako, zai gama cikin shekara. A ce wata uwa ta kwanta zazzaɓin cizon sauro kwana biyar, sa'an nan iyali suka tashi daga Ibadan zuwa gida hutu na kwana tara. Mako biyu ke nan, surori 46 suna jiranta. In ta ce sai ta biya su duka cikin kwana biyu, idonta ne kaɗai zai bi layi, ran na uku kuwa ta gaji ta ajiye littafin. Hanya biyu sun fi. Ko ta ci gaba daga inda ta tsaya, ta gama mako biyu bayan sauran jama'a, ko ta ƙara sura ɗaya kowace rana, cikin kwana 46 ta cim musu. In jiki bai gama warwarewa ba, zabura ɗaya ta isa a makon farko.

Yara suna kallo. In suka ga mun koma da fuska a murtuke, za su ɗauka Allah mai bin bashi ne. In kuwa maigida ya ce, "Mun gode wa Allah da ya ba Mama sauƙi, gobe da biyar za mu taru," za su koyi alheri. Romawa 8:1 ta koya mana cewa waɗanda suke cikin Almasihu Yesu ba sa ƙarƙashin hukunci. Wanda ya san sakaci ne ya yi, ya tuba sau ɗaya, ya karɓi gafara. Wanda ciwo ko hanya ta tsayar, ya yi godiya. Dukansu biyu su kunna ƙararrawa yau da dare. Ubangiji ya taimake mu. Amin.